Layi Ya Sauko, Kaya Ba Su Sauko Ba: Yadda Na Karanta wa Kawu Hoton Zanen Hauhawar Farashi

Cikin azumin 2025, bayan an sauko daga asham, Kawuna ya turo mini hoto ta WhatsApp, ya biyo shi da saƙon murya. Ɗan tireda ne a Kano, ya haura shekara talatin yana sari a kasuwar Singa. Wani maƙwabcinsa ne ya ɗauki hoton daga labarin wata jarida, ya yi ta nuna wa mutane a majalisa. Abin da ke cikin hoton layi ne guda mai gargada, ya taso daga ƙasa yana hawa, ya yi tsawo, sannan can gefen dama ya rikito kamar an yanke masa ƙafa.

Kawu ya ce: "Ɗana, duba mini wannan abu. An ce kaya sun sauko, wai ga shaida a zane. Ni kuwa shekaranjiya na dawo daga sari. Hatsi ya ɗan yi sauƙi, wannan na yarda, amma madara da sabulu da kuɗin mota suna nan inda suke, wasu ma sun ƙaru. To su ne ke ƙarya, ko ni ne lissafi ya ƙwace wa?"

Lissafi bai ƙwace masa ba. Alƙaluman da ke zanen ma ba ƙirƙirarsu aka yi ba, na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne, wadda ake kira NBS. Matsalar tana tsakanin abin da layin ke aunawa da abin da ido ke ɗauka yana aunawa. Washegari da la'asar na je shagon, muka zauna a kan benci, na yi masa bayani. Yadda zaman ya gudana shi nake so in shimfiɗa a nan, domin duk wanda ya ɗan yi boko a danginsa yana da Kawu ko Goggo da ke turo masa irin wannan hoto.

Hoto ba shi ne zanen ba

Abu na farko da na lura da shi tun kafin in bar gida shi ne hoton guntu ne. Mai ɗauka ya saita kyamara a kan layin, tunda shi ne ya ja hankalinsa, sai rabin kanun da ke sama ya fita, ƙananan rubutun da ke ƙasa kuma suka tafi gaba ɗaya. Haka kusan kowa ke yi. Alhali a zanen ƙididdiga, gefe-gefen nan su ne ke ɗauke da ma'ana. Layi shi kaɗai ba ya faɗin komai. Irin wannan hawa da gangara zai iya zama na farashin dala, ko na zafin rana, ko na yawan masu zazzaɓi a asibiti.

Saboda haka na roƙi Kawu ya sa maƙwabcin ya sake ɗaukar shafin dukansa, a miƙe ba a karkace ba, har da ranar da aka buga labarin. Karkacewar ba ƙaramin abu ba ce. In aka riƙe waya a jirkice, layin da ke tafiya a kwance sai ya zama kamar yana hawa, kuma in ka bi ɗigo da yatsa zuwa lambobin gefe sai ka sauka a kan lambar da ba tasa ba. Hoton da ya zaga hannuwa da yawa kuma yakan dushe, har 3 ta yi kama da 8.

Da cikakken hoton ya zo, sai ga kanun: "Headline inflation, year-on-year (%)". Wato hauhawar farashin kaya gaba ɗaya ke nan. A can ƙasa an rubuta "Source: NBS", tare da wani ɗan rubutu siriri da zan dawo kansa, domin a nan gizo ke saƙar.

Rufe layin tukuna

Da muka zauna, Kawu ya miƙo wayar yana nuna gangarar da ɗan yatsa. Na ce: "Kawu, mu bar ta tukuna, za mu zo kanta." Na sa tafin hannuna na rufe tsakiyar zanen, na bar gefen ƙasa da gefen hagu kawai. Dalilina shi ne, mutumin da bai saba da irin wannan zane ba yana kallonsa ne a matsayin hoto, kamar hoton dutse ko na hanya. Yana ganin tudu da kwari, zuciyarsa kuma ta riga ta yanke hukunci kafin ya karanta ko lamba ɗaya. Muddin layin yana gabansa, ba zai ji abin da kake faɗa game da lambobin ba.

Muka fara da layin kwance na ƙasa. A kansa an jera watanni da gajeren rubutun Turanci: May-23 a farko, Feb-25 a ƙarshe. Wato daga Mayun 2023 zuwa Fabrairun 2025, wata 22 ke nan. Ba duka aka rubuta ba, ana tsallake biyu a rubuta na uku saboda ƙarancin wuri, amma kowane wata yana da gurbinsa.

A nan na gano wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba. Na ce masa ya nuna mini inda labarin ya fara, sai ya ɗora yatsa a gefen dama. Kawu almajiri ne, a allo ya buɗe ido, ajami yake rubuta bashin shagonsa da shi. Idonsa daga dama yake farawa. In kuwa ka karanta wannan zane daga dama, labari ne daban: abu ya fara a ƙasa, ya yi tsalle sama farat ɗaya, sannan ya yi ta gangarowa sannu a hankali. Da maƙwabcinsa bai riga ya gaya masa cewa "an sauko" ba, da nasa karatun ya ba shi akasin haka. Tun daga ranar, duk wanda zan nuna wa zane sai na fara da cewa: jiya tana hagu, yau tana dama, tafiyar irin ta rubutun boko ce. Kuma ba na tsayawa a suna wata kawai. Na ce masa, "Wannan na farkon shi ne watan da aka rantsar da Tinubu, ya ce tallafin mai ya tafi." Ranar 29 ga Mayun 2023 ke nan. Nan take ya gyaɗa kai, domin ya tuna ranar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. Wata ya daina zama rubutu, ya zama lokacin da ya rayu a ciki.

Sannan layin tsaye na hagu. Lambobi biyar ne a kansa, daga ƙasa zuwa sama: 20, 24, 28, 32, 36. Kawu ya tambaya, "Naira ne, ko dubbai?" Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan, kuma mafi yawan masu kallon hoton a majalisa ba su yi ta ba. Ba naira ba ne. Kashi ne cikin ɗari. Babu farashin komai a cikin zanen nan, ko na ƙwayar ashana.

Ɗigo ɗaya, jimla ɗaya

Na ɗage hannuna, na zaɓi wuri guda, ƙololuwar layin, daidai kan Disambar 2024. Na kama yatsan Kawu na ɗora a wurin, muka gangara kai tsaye ƙasa muka ga watan, muka dawo, muka tafi kai tsaye hagu muka sauka tsakanin 32 da 36, kusa da 36. Jaridar ta rubuta lambar a saman ɗigon: 34.80. Na ce masa ya manta da abin da ke bayan ɗigon rubutu, mu kira shi 35.

Yanzu sai a mayar da ɗigon magana. Wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Na ce: "Kawu, wannan ɗigo cewa yake yi, kayan da ka sara naira 100,000 a Disambar 2023, in ka koma sarin irinsu a Disambar 2024, sai ka ba da kusan naira 135,000." Abin da "year-on-year" ke nufi ke nan: wannan wata a bana, a gwada shi da takwaransa na bara. Kowane ɗigo a layin nan gwaji ne tsakanin wata da ɗan'uwansa na shekarar da ta wuce.

Ya yi shiru, ya ce, "Wannan kam haka ne, har ma ya fi." Na ce za mu zo kan "ya fi" ɗin.

Sai na matsa baya zuwa Disambar 2023, na ce shi ya karanta. Ya bi da yatsa, ya sauka kaɗan a saman 28. Lambar ita ce 28.92. Ya ce, "Wato kayan dubu ɗari na Disambar da ta gabace ta sun zama dubu ɗari da ashirin da tara." Daga nan na san mun kama hanya. Alamar cewa mutum ya gane ba ita ce ya ce "na gane" ba, dattijo zai faɗi haka don kada ya wahalar da kai. Alamar ita ce ya ɗauki ɗigon da ba ka taɓa ba, ya mayar da shi jimla da bakinsa.

Ruwan sama da kududdufi

Yanzu muka iso inda kowa ke tuntuɓe. In kowane ɗigo yana faɗin yawan ƙarin da aka samu ne, to saukowar layi ba ta nufin farashi ya sauko. Tana nufin ƙarin ya ragu. Faɗin wannan da baki yana da sauƙi, amma ba ya zama a kai, domin ido yana ganin abu ya yi ƙasa, kuma a kasuwa "ƙasa" sauƙi ne.

Akwai wani kududdufi a bayan unguwar su Kawu da ke cika duk damina. Na ce masa: "Kawu, ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kududdufin nan yana cika da sauri. In ruwan ya tsagaita ya koma yayyafi, kududdufin raguwa yake yi?" Ya ce, "A'a, ƙaruwa dai yake yi, sai dai a hankali." Na ce to zurfin kududdufin shi ne farashi, shi kake ji a aljihunka in ka je Singa. Layin nan kuwa ƙarfin ruwan yake aunawa. Matuƙar lambar tana sama da sifiri, ruwa na zuba. Kafin a ce kaya gaba ɗaya sun fi na bara araha, sai layin ya nutse ƙasa da sifiri, kuma a wannan zane ko alamar sifiri babu.

Misali shi kaɗai ba ya isar ɗan kasuwa, sai ya ga kuɗi. Na yago murfin kwalin taliya, muka yi lissafi da biro. Sarin naira 100,000 a Disambar 2022. A ɗora kashi 28.92, ya zama 128,920 a Disambar 2023. A ɗora kashi 34.80 a kan wannan sabon kuɗin, ba a kan tsohon ba, ya zama kusan 173,800 a Disambar 2024. Shekara biyu ke nan, kayan dubu ɗari sun doshi dubu ɗari da saba'in da huɗu. Sai na ce, a ce shekara mai zuwa layin ya zauna a kan 24, wanda a zane zai fito a matsayin babbar gangara. Kashi 24 na 173,800 ya kai kusan 41,700. Kayan sun zama wajen 215,500.

Kawu ya daɗe yana kallon kwalin. Shi da kansa ya lura da abin da ban nuna masa ba: ƙarin shekarar da layin ya fi tsawo kusan 44,900 ne, ƙarin shekarar da aka ce an sauko kuma 41,700. A naira, tazarar ba ta taka kara ta karya ba, saboda ƙaramin kashi ne amma na babban kuɗi. Ya ce, "Ashe shi ya sa ake ta murna a rediyo ni ban ji a jikina ba."

Akwai wata 'yar gangara a tsakiyar zanen da ta ƙara fito da wannan. A Yunin 2024 lambar tana 34.19, a Yuli ta koma 33.40, a Agusta 32.15, kafin ta sake hawa. Wannan saukowa ta gaske ce, amma dubi yadda ta samu. Hukumar tana fitar da wata lamba ta biyu da jaridu ba su cika zanawa ba, wato ƙarin da aka samu daga wata zuwa wata, ita ce ake rubuta wa "month-on-month". A Agustan 2024 kaya sun ƙaru da kashi 2.22 a kan na Yuli. Ƙari ne, ba ragi ba. Sai dai a Agustan 2023, lokacin da zafin cire tallafin mai da sakin darajar naira ga kasuwa ke kan ganiyarsa, ƙarin wata ɗaya ya kai kashi 3.18. Lissafin shekara kullum wata goma sha biyu yake riƙewa, in sabo ya shigo tsoho ya fita. Da wata mai zafi ya fita, mai ɗan dama-dama ya maye gurbinsa, sai jimlar ta yi ƙasa. Wato wani lokaci layi yana saukowa ne saboda bara ta yi muni ƙwarai, ba don bana ta yi daɗi ba. Wannan ɓangare ban matsa wa Kawu da shi ba, na faɗa sau ɗaya na wuce. Amma wanda zai yi bayani ya kamata ya san shi, don kada a yi masa tambaya ya kama inda-inda.

Inda zanen ya fara ƙirga

Kafin mu taɓa babbar gangarar, na mayar da shi kan lambobin hagu. Na ce ya duba ta ƙasa. Ya ce 20. Na ce, "Ina 1 zuwa 19?" Babu su. Mai zanen ya yanke gindin, ya fara daga 20.

Ga abin da hakan ke yi wa ido. Ɗigon Disamba, 34.80, yana sama da gindin zanen da taki kusan 15. Ɗigon Janairun 2025, wanda yake 24.48, yana sama da gindin da taki huɗu da rabi kacal. Ido sai ya ga abu ya faɗo ya koma ƙasa da sulusin tsayinsa. Alhali 24 a kan 35 kusan kashi bakwai ne cikin goma. Na sake zana ɗigogin biyu a kan kwalin, wannan karon daga sifiri, sai ramin da ya yi kama da rijiya ya koma kamar matakalar soro guda.

Ba na cewa duk wanda ya yanke gindin zane mayaudari ne. A zanen layi ana yin haka don ƙananan motsi su fito, in ba haka ba 'yar gangarar Yuli da Agusta ma ba za a gan ta ba. Inda abin ya fi muni shi ne zanen sanduna, domin a can tsayin sanda shi ne saƙon, in ka yanke gindi ka sauya saƙon. Amma ko a zanen layi, mai karatun da bai saba ba ba zai taɓa duba lambar ƙasa da kansa ba. Sai an nuna masa, kuma da zarar an nuna masa sau ɗaya ba ya mantawa, domin ɗan kasuwa ya san mudun da aka buga wa gindi.

An sauya mudu

Sai babbar magana. Daga Disambar 2024 zuwa Janairun 2025 layin ya faɗo daga 34.80 zuwa 24.48, maki goma da ɗoriya a wata guda. Duk sauran motsin da ke zanen, na hawa da na sauka, babu wanda ya kai maki biyu a wata. In ka ga layin da ke tafiya taki-taki ya yi tsalle irin wannan, ruwa ba ya tsami banza, kuma wurin da za ka fara nema shi ne ƙananan rubutun ƙasa. Wanda aka yanke a hoton farko yana ɗauke da kalmar "rebased", yana cewa alƙaluman daga Janairun 2025 an lissafa su ne da sabon ma'auni.

Don a gane wannan sai an san yadda lambar ke samuwa. Hukumar ba farashin abu ɗaya take bi ba. Tana da kwandon kaya na lissafi: abinci, haya, sufuri, magani, tufafi, kuɗin makaranta da sauransu. Ma'aikatanta suna tattara farashinsu kowane wata a jihohi 36 da Abuja, birni da ƙauye. Kowane kaya kuma yana da nauyinsa a kwandon gwargwadon yadda gidaje ke kashe masa kuɗi, don haka tashin shinkafa ya fi tashin agogon hannu motsa lambar. Kwandon da aka yi ta amfani da shi na 2009 ne. Shekara goma sha biyar ana awo da shi, alhali cefanen mutane ya sauya. A 2009 kuɗin data bai zama abin saye na kullum a kowane gida ba. A watan Fabrairun 2025 shugaban hukumar, Adeyemi Adeniran, ya sanar da alƙaluman farko na sabon kwando, wanda aka mayar da shekarar tushensa 2024. Kayan ciki sun ƙaru daga 740 zuwa 934. Nauyin abinci, wanda a da ya ɗan haura rabin kwandon, ya koma wajen kashi 40.

Ga Kawu na taƙaita shi da abin da ya sani. Na ce: "Ka auna gero da safe da wani kwano ka samu 35. Da yamma aka kawo wani kwanon daban ka auna ka samu 24. Za ka ce geron ya ragu da 11?" Ya ce, "Sai na san girman kwanukan." Na ce to ɗigon Disamba da tsohon kwano aka auna shi, na Janairu da sabo. Ba a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Ko lambar abinci kaɗai, wadda take 39.84 a Disamba, ta koma 26.08 a Janairu, kuma babu mai cefanen da zai ce maka abinci ya yi irin wannan juyi a kwana talatin.

Nan ya gyara zama ya yi tambayar da na san tana tafe: "Wato maguɗi gwamnati ta yi ke nan?" Na ce masa a'a, sabunta kwando ba maguɗi ba ne. Kowace ƙasa tana yi, kuma ƙa'idar da masana ke bi ita ce a yi shi kamar duk shekara biyar. Namu ma jinkiri ya yi. Hukumar kuma ba ta ɓoye ba, ta faɗa a fili cewa saukar lambar ba ta nufin kaya sun yi araha. Inda nake ganin laifi shi ne wurin mai zanen. Bai kamata ya haɗa ɗigon Disamba da na Janairu da layi ɗaya ba. Da ya bar giɓi a tsakani, ko ya ja tsayayyen layi ya rubuta cewa daga nan awo ya sauya, ko ya sauya launi. Da ya haɗa su, sai ya zana faɗuwar da ba ta faru a kowace kasuwa ba, ya ɓoye bayaninta a rubutun da sai an ƙanƙance ido. Mai ɗaukar hoto ya zo ya yanke rubutun, majalisa ta karɓi ragowar. Wannan yana ba ni takaici, domin mutanen da abin ya fi shafa su ne waɗanda ba su da hanyar gano shi, kuma sakamakonsa ɗayan biyu ne: ko su yarda da sauƙin da babu shi, ko su yanke cewa duk alƙaluman hukuma ƙarya ne.

Na ɗauki biro na ja layi a kan kwalin tsakanin watannin biyu. Na ce masa abin da ke hagu a gwada shi da na hagu, abin da ke dama da na dama. A dama ɗigo biyu ne kawai a lokacin: 24.48 na Janairu da 23.18 na Fabrairu. Wannan 'yar saukowa ta maki ɗaya da kaɗan, ita ce ta kwano ɗaya, ita za a iya karantawa. Kuma ma'anarta ita ce ruwan ya ɗan tsagaita.

"Har ma ya fi"

Ban manta da maganarsa ta farko ba. Lambar da ke zanen matsakaiciya ce ta ƙasa baki ɗaya, ta kwandon da ba na kowa ba ne shi kaɗai. Gidan da kusan duk abin da ya samu a tukunya yake ƙarewa, hauhawar da yake ji ta fi kusa da lambar abinci, kuma a tsawon 2024 lambar abinci tana sama da ta gaba ɗaya, har ta haura 40 a tsakiyar shekarar. Haka nan abu ɗaya zai iya sauka, kamar yadda ya ga hatsi ya yi, kwandon kuma ya ci gaba da tsada saboda sauran kayan. Saboda haka in dattijo ya ce maka abin da ya gani a kasuwa ya saɓa wa zane, kada ka yi saurin gyara masa. Littafin shagonsa shaida ce a kan kayan shagonsa. Zanen kuma shaida ce a kan wani abu mafi faɗi. Aikin mai bayani shi ne ya nuna masa iyakar kowanne.

Da aka kusa kiran magariba, maƙwabcin mai hoton ya leƙo shagon sayen sukari. Kawu ya tsayar da shi, ya ɗauko kwalin. Na yi shiru ina saurare. Ya nuna masa hagu ya ce nan ne farko. Ya nuna 20 ya ce an yanke gindi. Ya ce lambobin ba naira ba ne, ƙari ne a kan na bara. Da ya zo kan layin da na ja, ya ce, "Nan kuma mudu aka sauya, kada ka haɗa su." Bai ambaci 2009 ba, bai ambaci 934 ba, kuma babu abin da ya rage a bayaninsa.

Kwalin bai yar ba, ya soke shi a ƙusa kusa da kalandar shago. Hukumar takan fitar da sabuwar lamba wajen tsakiyar kowane wata, don haka a tsakiyar Afrilu, bayan sallah, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ta Maris ta fito?" Na ce ta fito, 24.23. Na ji yana motsi, alamar ya miƙe ya ciro kwalin. Ya ce, "Daga 23 zuwa 24. Kwano ɗaya ne dai ko?" Na ce ɗaya ne, Kawu. Ya ce, "To ruwan ya ɗan ƙara ƙarfi ke nan. Bari in ɗiga."